Karatun firamaris ga likitan da ke kwanan kol a Sakkwato

Karon farko da na zauna jarrabawar firamaris, wato jarrabawar shiga horon ƙwarewa ta likitoci, ban ci ba, kuma ba don ban buɗe littafi ba. Wata huɗu na yi ina yawo da littafin fiziyoloji a jaka, ina buɗe shi a ɗakin kol, inda likita mai kwanan aiki a asibiti ke zama, da ƙarfe uku na dare duk lokacin da ɗakin marasa lafiya ya lafa. Na ja layi a ƙarƙashin kusan kowane sakin layi na babin ƙoda. Ranar jarrabawa tambayar ƙoda ta fito a kan allon kwamfuta, na tuna shafin, na tuna har kalar biron da na ja layin da shi, amma abin da ke rubuce a wurin ya ɓace mini. Bayan sakamako ya fito wani babban rejistira ya zaunar da ni, ya ce: "Ƙanena, mi kaka karantawa da ukun dare? Wannan lokacin ba na zuba sabon abu ba ne. Kawo rostarka mu gani." Abin da ya nuna mini a kan takardar nan, da abin da na ƙara gane wa kaina a zama na biyu, shi zan shimfiɗa a nan.

Ina magana ne da likitan da ya gama shekarar hawus, wato shekarar koyon aiki a asibiti bayan jami'a, yana hidimar ƙasa ko yana aikin medikal ofisa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko wani babban asibitin ƙaramar hukuma, yana son shiga horon ƙwarewa. Ƙofar shiga ita ce firamaris, ko ta kwalejin ƙasa, wato NPMCN da ke Ijanikin a Legas, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma, WACP ga ɓangaren likitancin magani da WACS ga ɓangaren tiyata. Ana yin ta sau biyu a shekara, ɗaya wajen Maris zuwa Afrilu, ɗaya wajen Satumba zuwa Oktoba, tambayoyin zaɓi ne a kwamfuta, kuma abin da ake tambaya shi ne ilimin tushe na fannin da ka zaɓa: anatomi, fiziyoloji, fatoloji, famakoloji da makamantansu. Kafin komai ka shiga shafin kwalejin ka sauke manhajar fanninka da sanarwar wannan zagayen, ka karanta yawan tambayoyi, tsawon lokaci, da salon tambayar. Kada ka dogara da abin da wanda ya zauna shekara biyar da suka wuce ya gaya maka, domin salo yana canzawa.

Akwai abin da ya kamata likitan Sakkwato ya lura da shi tun wajen zaɓen zagaye. Duka lokutan biyu suna faɗowa ne a kan ganiyar aiki. Watanni biyu kafin zaman Oktoba su ne na zazzaɓin cizon sauro, lokacin da ɗakin gaggawa na yara ke cika da masu jijjiga da masu neman ƙarin jini. Watannin da ke kafin zaman Afrilu kuwa su ne na zafi da sanƙarau, ga shi a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a tsakanin Fabrairu da Maris. Idan kana ɓangaren yara, kol ɗin Satumba zai cinye ka fiye da na Janairu, don haka karatunka mai nauyi ya kamata ka yi shi kafin damina ta yi nisa. Idan zaman Afrilu ka nufa, jarinka shi ne hunturu, daga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu, lokacin da barcin rana ke yiwuwa ba tare da fanka ba.

Mataki na farko: lissafin sa'o'i daga rosta

Yawancinmu mukan zana jadawalin karatu kamar na ɗalibi: Litinin anatomi, Talata fiziyoloji, kullum sa'a huɗu. Kol na farko ya rushe shi, na biyu ya binne shi, daga nan sai mutum ya shiga jin ya gaza alhali jadawalin ne ba a gina shi a kan rayuwarsa ba. Ranakunka ba Litinin da Talata ba ne. Iri uku ne: ranar kol, ranar sauka daga kol, da ranar da ka kwana a gidanka jiya kuma za ka kwana a gidanka yau. Wannan ta ukun ita nake kira cikakkiyar rana.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Likita ce a ɓangaren yara, tana da mako 16 kafin jarrabawa, wato kwana 112, kuma kol yana zagayo mata sau ɗaya a kwana huɗu. Ke nan tana da ranakun kol 28, ranakun sauka 28, da cikakkun ranaku 56. A cikakkiyar rana, bayan aikin safe zuwa la'asar da hidimar gida, abin da za ta iya riƙewa da gaske shi ne sa'a biyu da rabi, wanda ya ba da sa'a 140. A ranar sauka minti 45 kacal, jimilla sa'a 21. A ranar kol rabin sa'a, jimilla sa'a 14. Duka sun kama sa'a 175. Daga nan sai ta cire kashi ɗaya cikin biyar saboda abin da ba a shirya masa ba: abokin aiki ya kwanta ciwo an ɗora mata kol ɗinsa, rasuwa a dangi, ita kanta zazzaɓi ya kayar da ita kwana uku. Abin da ya rage sa'a 140 ne.

Wannan adadin yakan tsorata mutum in ya fara ganinsa, amma shi ne gaskiyar abin da ke hannu, kuma shi zai yanke maka shawarar da ta fi kowace muhimmanci. Sa'a 140 ba za ta ishe ka karance manyan littattafai huɗu daga bango zuwa bango ba. Za ta ishe ka yin tambayoyi kusan dubu tare da bitar amsoshinsu, idan ka ba su rabin lokacin a kan tambaya 15 a sa'a, sauran rabin kuma ka karanta wuraren da tambayoyin suka nuna maka rauninka. Saboda haka littafi ɗaya ga kowane fanni, wanda ka riga ka saba da shi tun jami'a, da tarin tambayoyi guda ɗaya mai bayanin amsa. Tarin fayilolin da ake turowa a zaurukan WhatsApp, wanda wani ya kai guda arba'in a wayarsa, ba ya ƙara komai sai fargaba.

Idan lissafinka ya fito ƙasa da sa'a 100, misali kol ɗinka sau ɗaya ne a kwana biyu saboda ƙarancin likitoci a inda kake, shawarata ita ce ka nufi zagaye na gaba ka tsawaita shiri zuwa wata shida. Kuɗin rajista da na tafiya ba ƙanana ba ne ga albashin ƙaramin likita, kuma faɗuwa tana cin ƙarfin zuciya fiye da yadda mutane ke faɗa.

Abin da ya sa ukun dare ba ya riƙe karatu

Abu biyu ne ke haɗuwa a kanka a wannan lokaci. Na farko nauyin barci da ke taruwa tun daga lokacin da ka farka, wanda sinadarin adinosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yake da hannu a ciki. Na biyu agogon jiki, wanda ke saukar da zafin jiki da kaifin hankali zuwa mafi ƙasƙancinsu tsakanin wajen ƙarfe uku zuwa biyar na asuba. Wanda ya tashi da sallar asuba jiya, da ukun dare ya haura sa'a 21 a farke, kuma yana tsakiyar wannan kwarin. Ido yana bin layi, hannu yana ja, amma abin ba ya shiga. Sannan ga na uku wanda ya fi cutarwa: sabon abin da aka koya yana zama daram ne a cikin barcin da ya biyo bayansa. Wanda ya karanta da dare, ya wuce zagayen safe, ya kai azahar bai runtsa ba, ya hana karatun damar kama ƙasa.

Wannan ya sa ƙa'idar take da sauƙin faɗa. Sabon abu a cikakkiyar rana, inda barcin dare zai biyo baya. A daren kol, idan an sami sarari, barci ya fi karatu. Idan barcin bai samu ba, sai bitar abin da aka riga aka sani.

Cikakkiyar rana

A nan ne jarrabawar take, don haka sa'o'in nan biyu da rabi a tsare su kamar yadda ake tsare lokacin tiyata. Raba su biyu ya fi. Sa'a ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kafin a fita aiki, ita ce mafi tsada a duk yinin mutumin Sakkwato: gari da sanyi ko a watan Afrilu, yara ba su tashi ba, ba mai buga waya yana neman a duba masa sakamakon gwaji. Sauran sa'a ɗayar bayan isha'i.

Tsarin zaman safe da ya yi mini aiki shi ne in fara da tambayoyi kafin karatu. Ka zaɓi maudu'i ɗaya, a ce yadda ƙoda ke sarrafa asid, ka amsa tambayoyi goma a kansa cikin minti 15 ba tare da buɗe littafi ba. Za ka faɗi da yawa, kuma haka ake so, domin kuskuren ne zai nuna maka shafin da za ka buɗe. Sai ka yi minti 50 kana karanta wuraren da ka faɗi kaɗai. Minti 25 na ƙarshe ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda, ka zana abin daga ka, kamar kana yi wa ɗalibin aji huɗu bayani. Inda biro ya tsaya, nan ne ba ka sani ba. Ciro abu daga ƙwaƙwalwa yana kafa shi fiye da sake karanta shi, ko da yake sake karantawa ya fi daɗi saboda yana sa ka ji kamar ka iya.

Zaman dare na tambayoyi ne gauraye daga maudu'an makon da ya wuce, da rubuta kurakurai. Ka ware littafin rubutu guda na kurakurai. Kowace tambaya da ka faɗi, layi biyu: mene ne daidai, kuma me ya sa ka kauce. Dalilin kaucewa iri uku ne, kuma maganinsu ya bambanta. Ko ba ka taɓa sanin abin ba, sai karatu. Ko ka sani amma ka rikita shi da ɗan'uwansa, sai ka jera su biyun gefe da gefe a tebur ɗaya. Ko kuma ka san amsar sarai amma ba ka ga kalmar korewa a cikin tambayar ba, irin wadda ke neman wanda ba daidai ba a cikin zaɓin. Wannan na ukun ba rashin ilimi ba ne, gajiya ce. Idan ya fara yawa a littafinka, alama ce cewa barcinka ya yi kaɗan, kuma ƙarin karatu ba zai gyara shi ba.

Abin da ka rubuta a littafin kurakurai shi za ka mayar katunan bita. Wasu suna amfani da manhajar Anki a waya, wadda ke dawo maka da katin a tazarar da ke ƙaruwa kuma tana aiki ba tare da data ba. Wasu kuma katin takarda suke yanka su sa a aljihun farar riga. Duka suna yi, muddin kai ka rubuta su daga kuskurenka. Kada sabbin katuna su wuce goma zuwa goma sha biyar a rana, domin kowane sabon kati bashi ne da zai riƙa dawowa, kuma wanda ya zuba hamsin a rana zai buɗe waya bayan kol biyu ya tarar da ɗaruruwa suna jiransa, ya rufe ya daina.

Ranar kol

Rabin sa'ar da muka ware ta katunan bita ce, kuma a yi ta da wuri, da safe ko kafin magariba. Idan akwai hali, ƙailula bayan azahar ita ce mafi amfanin abin da za ka yi wa daren. A cikin dare, idan ɗaki ya lafa, ka sanar da sista mai aiki inda kake, ka tabbatar wayarka na da caji kuma ƙararta a buɗe, ka kwanta. Ko dai gajeren barci na minti 20, ko kuma, in sarari ya yi yawa, kusan minti 90, wanda shi ne kimanin zagaye ɗaya na barci. Wanda aka tasa daga tsakiyar barci mai nauyi yakan yi mintuna kansa a ɗaure, don haka idan an tashe ka, wanke fuska ka miƙe tsaye kafin ka lissafa maganin yaro, kuma ka sa nas ta maimaita lissafin tare da kai.

Shayi, kofi da goro duk kafeyin ne, kuma jiki yana ɗaukar kimanin sa'a biyar kafin ya kawar da rabinsa. Kofin da ka sha da ƙarfe huɗu na asuba, kusan rabinsa yana jininka da tara na safe, kuma shi zai hana ka barcin da kake buƙata in ka koma gida. Ka sha a farkon dare, ka tsaya wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu. Tuwo mai nauyi ko fura da tsakar dare suna ƙara kasala. Ruwa dai a yawaita, musamman a bazara.

Amma kol yana da wata kyauta da mai karatu a gida ba ya samu, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Marasa lafiyar da ka gani da dare su ne manhajar firamaris a tsaye. Ka ɗauki mutum ɗaya kacal a kowane kol, ka rubuta tambaya ɗaya ta ilimin tushe a kansa, ba tare da suna ko lambar kati ba.

Ga yadda likitar misalinmu za ta yi. An kawo yaro ɗan shekara uku da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, yana numfashi mai zurfi da sauri alhali babu alamar ciwo a ƙirjinsa. Ta yi abin da ya kamata, ta sa masa atesunet, ta duba sukari da yawan jini. Sakamakon gishirin jini ya dawo: sodiyam 136, kulorayid 100, bayikabonet 10. A takardar aljihunta ta rubuta lambobin uku da tambayar: me ya sa yake wannan numfashi? Ba ta buɗe littafi a daren ba. A cikakkiyar rana ta gaba sai ta zauna da su, ta lissafa giɓin da ake kira AG, wato abin da ya rage in an cire kulorayid da bayikabonet daga sodiyam:

```
AG = Na - (Cl + HCO3)
AG = 136 - (100 + 10) = 26
```

Giɓin ya kai 26, alhali na lafiyayye yana wajen 8 zuwa 12, ke nan akwai wani asid da ba a auna ba, kuma a wannan yaron laktet ne mafi rinjaye, saboda jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da ƙwayar cutar suna toshe ƙananan hanyoyin jini ga kuma ƙarancin jini. Numfashin nan mai zurfi ƙoƙarin huhu ne na fitar da iskar kabon don rage asid, kuma ana iya lissafa inda ya kamata ta sauka:

```
pCO2 = (1.5 × HCO3) + 8 ± 2
pCO2 = (1.5 × 10) + 8 = 23 mmHg
```

Daga nan zare ya ci gaba da kansa. Asid yana tura lanƙwasar rabuwar iskar oksijin da himogulobin zuwa dama, haka ma zazzaɓin kansa, sai ta bi sauran abubuwan da ke tura ta dama da hagu, har ta iso kan himogulobin ɗin jariri da ke riƙe oksijin da ƙarfi. Sai ta tuna yaron gado na kusa mai gudawa, wanda nasa sodiyam 136 ne, kulorayid 114, bayikabonet 12: giɓinsa 10, wato daidai, domin shi zubar da bayikabonet ya yi ta hanji, ba tara asid ya yi ba. Yara biyu, dare ɗaya, sun ba ta babi guda na fiziyoloji wanda zai yi wuya ya fita daga kanta, domin yana da fuska. Kol 28 maudu'i 28 ke nan, kuma su ne waɗanda suka fi zama.

Ranar sauka

Nan ne aka fi yin asara, ta hanya biyu. Wani ya dawo ya ce zai rama karatun jiya, ya zauna da littafi yana gyangyaɗi har la'asar, bai yi barci ba bai yi karatu ba. Wani kuma ya kwanta da azahar sai isha'i, dare ya yi ido ya bushe, ya kai ƙarfe uku yana juyi, washegari cikakkiyar ranarsa ta lalace. Kol ɗaya ya ci kwana uku.

Abin da ake so shi ne barci mai iyaka. Da ka miƙa aiki ka isa gida, ka ci abu mara nauyi, ka yi wanka, ka kwanta sa'a uku zuwa huɗu, ka sa agogo ya tashe ka kafin la'asar ta wuce. Ka fita ka ga hasken rana, ka yi minti 45 ɗinka na katuna da littafin kurakurai bayan magariba, ka kwanta da wuri bayan isha'i. Manufar ranar sauka ɗaya ce, ta mayar da kai kan barcin dare domin asubar gobe ta yi amfani.

A Sakkwato wannan barcin yana da abokan gaba biyu, zafi da jama'a. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana haura digiri 40, kuma ɗakin da ya sha rana ba ya barcuwa in wuta ta ɗauke. Fanka mai caji ko ƙaramar sola tana cikin kayan jarrabawa kamar littafi, kuma in kuɗi ya ishi ɗaya kawai, ni fankar zan saya. Labule mai kauri ya rufe haske, a zaɓi ɗakin da ba ya fuskantar yamma, a jiƙa zane a rataya a taga. Jama'a kuwa sai da magana. Likita a unguwa na kowa ne, kuma ba wanda zai ga laifin buga masa ƙofa da ƙarfe biyu na rana. Ka zauna da mutanen gida tun farko, ka nuna musu rostar, ka ce: "Hajiya, ranakun da na sa wa jan biro, daga azahar zuwa la'asar a ce ina barci, sai in abin gaggawa ne." Uwa in ta fahimci dalili, ta fi kowane makulli tsare ƙofa. Gaisuwar rasuwa da dubiya ba a ɗaga su, shi ya sa muka cire kashi ɗaya cikin biyar tun a lissafi. Yinin biki da zaman majalisa kuwa za su iya jira wata huɗu. Ga likita mai shayarwa, sa'a ɗaya da rabin asuba ba za ta samu ba sai an sami mai karɓar jaririn a wannan lokacin, kuma gara a nemi wannan alfarmar a fili daga maigida ko 'yar'uwa tun makon farko.

Abu biyu da nake roƙo a kansu. Kada ka tuƙa mota ko babur bayan kol ɗin da ba ka runtsa ba. Daga Gawon Nama zuwa Mabera ko Arkilla ba nisa, amma lumshe ido na daƙiƙa uku ya isa. Ka hau kabu-kabu ko keke, ko ka kwanta rabin sa'a a ɗakin kol kafin ka kama hanya. Na biyu, kada ka rubuta wa kanka maganin barci. Diyazafam da danginsa suna raunana kafuwar sabon abu a ƙwaƙwalwa, wato daidai abin da kake wahala dominsa, ga kuma saurin sabo. Idan rashin barci ya zarce makonni, ko ka ga ba ka jin daɗin komai, ka ga wani likita kamar yadda za ka tura majinyacinka.

Wanda aikinsa na darare a jere ne, kamar a wasu ɗakunan gaggawa, lissafinsa ya ɗan bambanta. A cikin jerin dararen, babban barcinsa na safe ne da ya dawo, karatunsa kuma sa'a ɗaya bayan ya tashi, kafin ya koma aiki. Ranar da jerin ya ƙare ita ce ranar saukarsa, sai ya gajarta barcin safen ya koma na dare. A watan azumi kuma zaman safe yana komawa bayan sahur, wanda ma ya fi dacewa, amma a rage buri: a cikakkiyar rana sa'a ɗaya da rabi ta wadatar, a rama kafin watan ya kama.

Yadda za ka gane ko kana tafiya

Yawan shafukan da ka karanta ba ma'auni ba ne. Duk mako biyu, a cikakkiyar rana, ka amsa tambayoyi 50 gauraye waɗanda ba ka taɓa gani ba, da agogo, ka rubuta makin. Sababbi nake nufi, domin maki a kan tambayoyin da ka riga ka yi sau biyu yana auna haddar amsa ne kawai. Idan makin yana hawa ko da a hankali, ci gaba. Idan ya tsaya wuri ɗaya gwaji uku a jere, buɗe littafin kurakurai ka ƙirga iri-irinsu. In rashin sani ya fi yawa kuma a fanni ɗaya ya taru, ka karkatar da mako biyu zuwa wannan fannin, wanda sau da yawa shi ne wanda kake gudu. In kuskuren gajiya ya fi yawa, ka rage zaman bayan isha'i ka ƙara barci. Abokin karatu ɗaya ko biyu masu zama jarrabawa ɗaya da kai suna da amfani a nan, sa'a ɗaya a mako, kowa ya zo da tambayoyi biyar da suka kayar da shi ya yi wa sauran bayani. In aka wuce mutum huɗu, hira ce.

Makonni uku na ƙarshe

Shirinsu yana farawa wata biyu kafin su zo, domin musayar kol ba a nemanta a ƙurarren lokaci. Ka je wurin mai zana rosta da wuri, cikin ladabi, da tayi a hannu: za ka ɗauki ƙarin kol yanzu ko bayan jarrabawa, ko ka karɓi na ranar salla, a bar maka darare huɗu zuwa biyar na ƙarshe babu kol. Idan ku uku ne a sashe ɗaya za ku zauna, ku je tare da tsarin da kuka riga kuka daidaita. In kana da hutun shekara, mako biyu a nan ya fi wata guda a farkon shiri. Takardar izinin tafiya ma a shigar da ita tun lokacin.

A waɗannan makonnin ba sabon littafi, ba sabon tarin tambayoyi. Littafin kurakurai, katuna, da cikakken gwaji biyu ko uku a kan kwamfuta, ba waya ba, a daidai sa'ar da za a yi jarrabawar kuma da tsawonta. Wanda ya saba amsa tambaya goma-goma yakan ji hankalinsa ya watse bayan sa'a ɗaya, kuma gara ya gano haka a ɗakinsa. Ka raba mintunan jarrabawar da yawan tambayoyin, ka san abin da kowace ke da shi, ka saba da yi wa mai wuya alama ka wuce.

Idan cibiyar da aka ba ka a wani gari take, ka isa da kwana biyu a hannu. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa doguwa ce kuma ba a bin ta da dare, don haka a fita da sassafe, ko a yanki tikitin jirgi daga filin Sultan Abubakar na Uku tun kafin kuɗinsa ya tashi. Ka buga takardar shiga jarrabawa kafin ka bar Sakkwato, ka haɗa ta da katin shaidar da sanarwar ta ambata, kuma da yammacin ranar da ka isa ka je ka ga ƙofar cibiyar da idonka, ka auna minti nawa ne daga masaukinka.